Sabunta Tayar Bas da Lori: Tambayoyi da Amsoshi

Masu motocin haya, direbobin tirela da masu kula da garejin kamfani sukan maimaita tambayoyi iri ɗaya idan aka ambaci tayar da aka sabunta. An tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu buƙatar lissafi. Maganar ta shafi manyan tayoyi ne kawai, na lori, tirela, tanka da manyan bas-bas.

Mece ce tayar da aka sabunta?

Tayar babbar mota kashi biyu ce. Akwai gangar jiki, wato ginin wayoyin ƙarfe da roba wanda ke riƙe iska yana ɗaukar kaya, akwai kuma zanen da ke taka kwalta, wanda wasu ke kira haƙoran taya. Zanen ne ke cinyewa. Gangar jikin kuwa, idan ba a wulaƙanta ta ba, takan kai zane biyu ko uku kafin ta gaji, kuma ita ce ta cinye mafi yawan kuɗin da aka kashe wajen ƙera tayar. Sabuntawa ita ce a kankare ragowar tsohon zanen a masana'anta, a gyara ƙananan raunuka, a ɗora sabon zane, a gasa shi har ya zama jiki ɗaya da gangar.

Ana yawan kawo wani ƙiyasi na masu wannan sana'a a Amurka: sabuwar tayar lori kan ci galan 22 na mai wajen ƙera ta, kusan lita 83 ke nan, sabuntawa kuwa galan 7, wajen lita 26. Daga nan sauƙin farashin yake fitowa.

Ba ita ce tayar gwanjo ba, wadda ake kira Baljiyam?

Ko kusa. Tayar gwanjo tsohuwa ce da wani ya ci rabin zanenta a wata ƙasa, aka cusa ta a kwantena, sau da yawa uku a cikin ɗaya don a rage wuri, aka kawo aka wanke aka shafa mata baƙi. Babu wanda ya duba cikinta da na'ura, kuma cusa wata cikin wata kan lanƙwasa wayar bakin taya ba tare da an gani ba. Tayar da aka sabunta kuwa zanenta sabo ne fil, an kuma tantance gangar jikinta kafin a taɓa ta.

Akwai abu na uku da ake haɗawa da su, wato sake yanka zane da wuƙa mai zafi. Wannan ba ƙara roba ba ne, zurfafa ramin zanen ne a cikin robar da ta rage. An yi bayaninsa a ƙasa, a tambayar yankan zane.

Yaya ake yin aikin a masana'anta?

Aikin yana farawa da bincike, kuma a nan ne ake bambanta masana'antar kirki da ta jeka-na-yi-ka. Ana ɗora tayar a kan injin da ke buɗe bakinta, mai dubawa ya zura fitila yana juya ta a hankali, yana shafa cikin da tafin hannu don ya ji kumburi ko tattarewar roba. Sai a bi ta da na'urar lantarki mai gano hujin ƙusa da ido ba ya gani. Manyan masana'antu suna da wata na'ura mai hasken lesa: ana sa tayar a ɗaki a rage iskar ɗakin, duk inda wani sashe na ciki ya rabu da ɗan'uwansa sai ya ɗan tasa, hoton ya nuna shi. Tayar da a ido take lafiya lau takan faɗi a wannan gwaji.

Idan ta tsallake, sai kankara. Ana hura mata iska, a juya ta a jikin wani garmaho mai haƙoran ƙarfe har tsohon zanen ya tafi, a bar 'yar roba siririya a kan wayoyin, da faɗi da lanƙwasa daidai da awon wannan samfurin taya. Bayan kankara raunuka ke bayyana: inda dutse ya huda, inda ruwa ya shiga waya ta yi tsatsa. Ma'aikaci yakan bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin injin goge, ya ƙwaƙule har ya kai ga waya mai ƙyalli, ya cike ramin da ɗanyar roba. Huji kuma a toshe shi, a manna masa faci daga ciki. Hujin ƙusa a tsakiyar zane wanda bai wuce milimita 10 ba gyara ne na yau da kullum. Wanda ya fi haka, ko yake a gefe, yana buƙatar babban gyara ko kuma a yar da tayar.

Daga nan a shimfiɗa wata ɗanyar roba mai danƙo, siririya, wadda ita ce gam ɗin da zai haɗa tsoho da sabo, a ɗora zanen, a gasa. Bayan ta huce a sake dubawa, a hura mata iska a ga ko gefenta zai kumbura, sannan a buga mata tambari da ranar da aka sabunta ta.

Ana cewa akwai gashin sanyi da gashin zafi. Wanne ya fi?

A hanyar da ake kira ta sanyi, zanen yana zuwa a gashe da siffarsa, kamar dogon bel da aka naɗe. Ana yanka shi daidai da kewayen tayar, a naɗa, a haɗa bakin biyu. Sai a rufe tayar da rigar roba, a zuƙe iskar da ke tsakani, a tura tayoyi da yawa cikin wata tukunyar ƙarfe mai kama da tankin mai. Zafin kan kasance tsakanin digiri 100 zuwa 120 a ma'aunin Salsiyos, a ƙarƙashin matsin iska, na tsawon awa biyu da rabi zuwa huɗu. Sunan sanyi suna ne kawai, hannu ba ya taɓuwa a wurin. Abin da ke gasuwa shi ne gam ɗin nan na tsakani. Kamfanin Bandag na jihar Iowa a Amurka ne ya yaɗa wannan hanya tun daga 1957, bayan wanda ya kafa shi, Roy Carver, ya sayi haƙƙin fasahar daga Jamus, kuma Bridgestone ya saye kamfanin a 2007.

A hanyar zafi, ɗanyar roba marar zane ake naɗawa, a sa tayar cikin mazubin ƙarfe mai zane a jikinsa, a gasa a wajen digiri 150, kamar yadda ake yin sabuwa. Ana iya rufe har gefen tayar da sabuwar roba, ta fito kamar daga kanti. Amma kowane girman taya da kowane zane yana buƙatar nasa mazubin, abin da sai babban kamfani ke iya ɗauka.

Duka biyun suna ba da taya mai kyau. A ganina mai mota bai kamata ya ɓata lokaci a kan wannan muhawara ba. Ya tambayi da me suke binciken gangar jiki, da kuma tayoyi nawa suke mayarwa cikin goma. Masana'antar da ba ta taɓa ƙin karɓar taya ba, a guje ta.

Wace taya ce ake ƙin karɓa?

Wadda aka ci har waya ta leƙo, domin ruwa ya riga ya shiga. Wadda aka fasa wa baki da ƙarfen cire taya a wurin mai faci. Wadda mai ko gas ya jiƙa har robar ta yi laushi. Wadda zafin birki ya ƙona wa baki, ana gane ta da robar wurin ta yi tauri tana tsattsagewa, abin da tirelolin da ke gangara da kaya suna taka birki ba ƙaƙƙautawa suka sani. Sai babbar matsala, wadda aka yi tafiya da ita ba isasshiyar iska.

Wannan ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a kanta. Idan iska ta yi ƙasa, gefen tayar yana lanƙwashewa fiye da kima a kowane juyi, wayoyin su yi ta gajiya kamar yadda waya ke karyewa idan ana ta lanƙwasa ta da hannu. A ƙa'idar masu sana'ar, tayar da aka tuƙa da ƙasa da kashi 80 cikin ɗari na iskar da ta kamata, ana ɗaukarta kamar wadda aka tuƙa a sace. Alamarta a ciki ita ce robar ta tattare ko ta canza launi, wani lokaci a tarar da garin roba a kwance. Irin wannan taya tana iya yagewa a gefe ta tsawo lokacin da ake hura mata iska, ta kashe wanda ke tsaye a gabanta. Shi ya sa ake hura manyan tayoyi a cikin kejin ƙarfe.

Shekaru ma suna cikin lissafi. A gefen taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar ƙira: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Kowace masana'anta da iyakar shekarun da take karɓa. A Najeriya kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana wa'azin cewa taya shekara huɗu take yi daga ranar ƙira, don haka kada a ajiye tsofaffin tayoyi a bayan gareji rana na dukansu ana jiran a tara da yawa.

To ɓallin robar da muke gani a kan titi fa? Ba daga irin waɗannan tayoyi yake fitowa ba?

Wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Kano ko ta Lokoja ya ga waɗannan baƙaƙen ɓawo a kwance kamar kada. Idan ka samu wuri mai aminci ka tsaya, ka juya ɗaya ka duba bayansa. Galibi za ka ga wayoyin ƙarfe sun fito tsirara a jikinsa. Sabon zanen da ake ɗorawa ba shi da waya ko ɗaya. Ke nan idan ɓawon ya taho da waya, gangar jikin ce ta tarwatse, ba gam ne ya saki ba, kuma hakan na faruwa ga sabuwar taya kamar yadda yake faruwa ga sabuntacciya: zafi, ƙarancin iska, lodin da ya wuce kima, ko rami.

A 2008 cibiyar binciken sufuri ta Jami'ar Michigan ta fitar da sakamakon wani nazari da ta yi wa hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka a kan irin waɗannan ɓaraguzai. Abin da ya fi yawa cikin musabbabin shi ne abin da taya ta taka ko ta buga a hanya, kuma kason sabuntattun tayoyi a cikin ɓaraguzan bai zarce kasonsu a kan titi ba. Idan kuwa ka ga ɓawon ya fita sumul ba waya, bayansa da santsi, wannan laifin masana'anta ne: ko an bar datti ko danshi kafin a ɗora zanen, ko gashin bai kai ba. Irin wannan a mayar musu da shi.

Zan iya ɗaura ta a gaba?

A bas, a'a. Dokar tarayya ta Amurka ta haramta sa tayar da aka sabunta ko aka sake yanka wa zane a ƙafafun gaba na bas, kuma wannan ƙa'ida ce mai kyau ko a inda doka ba ta ambata ba. A lori ma yawancin masu motoci sababbi suke sawa a gaba. Dalilin ba wai sabuntacciyar ta fi saurin fashewa ba ne. A baya tayoyi bibbiyu ne, idan ɗaya ta tafi ɗaya na riƙe da motar, a gaba kuwa guda ce kuma ita ke riƙe da sitiyari. Ba a son wata ƙafa a wurin da ba a san duk tarihinta ba.

Tsarin da aka saba shi ne taya ta yi rayuwarta ta farko a gaba ko a aksil mai ja, bayan sabuntawar farko ta koma aksil mai ja, bayan ta biyu ta koma bodin tirela. Idan za a haɗa biyu a gefe guda, a tabbata tsayinsu bai bambanta da fiye da milimita 6 ba. In ba haka ba, doguwar ta ɗauki kayan ita kaɗai ta yi zafi, gajeriyar kuma ta yi ta gogar kwalta.

Yaushe ya kamata in cire taya idan ina son a sabunta ta?

Tun da sauran milimita 3 zuwa 4 na zane. Wannan ne wurin da masu mota suka fi jin ciwo, domin a idonsu tayar tana da sauran tafiya biyu ko uku zuwa Legas. Gaskiya ne tana da su. Amma a waɗannan milimitoci na ƙarshe ne duwatsu da ƙusoshi ke kaiwa ga waya. Na taɓa barin wasu tayoyi huɗu su ƙara wata guda saboda kasuwa ta buɗe, da aka kai su uku suka dawo da alamar alli a jiki, an ƙi su. Abin da na ci a watan bai kai kuɗin sabuwa ɗaya ba.

Ma'aunin zurfin zane ɗan ƙaramin abu ne da ke shiga aljihu. A ba yaron mota shi tare da gejin iska, a daina dogara ga buga taya da sanda. Sanda tana nuna tayar da ta sace gaba ɗaya, ba ta nuna wadda ta rasa kashi 15 cikin ɗari.

A kawo lissafi. Nawa ake ragewa?

Farashin taya ba ya nuna tsadarta. Abin da ke nunawa shi ne kuɗin kowace kilomita, wato abin da aka kashe a raba da nisan da ta yi. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai don a ga yadda ake lissafin, kowa ya sa nasa.

A ce mai tireloli ya sayi tayoyi goma masu kyau samfurin 315/80R22.5, kowace naira 400,000, kowace ta yi kilomita 100,000 kafin a cire ta. Naira 4 ke nan a kilomita. Ya tura goman masana'anta, jigila zuwa da dawowa ta ci 60,000. An karɓi bakwai, an ƙi uku. Kowace sabuntawa 180,000, kowace kuma ta ƙara yin kilomita 80,000. Jimillar kashewa: miliyan 4 na saye, 1,260,000 na sabuntawa, 60,000 na jigila, 5,320,000. Jimillar tafiya: kilomita miliyan ɗaya da 560,000. Idan aka raba, kilomita ta koma kusan naira 3.41. Ragin kwabo 59 ba ya cika ido, amma tirela mai ƙafa 20 ban da na gaba, wadda ke yin kilomita 80,000 a shekara, ta rage kimanin naira 944,000.

Yanzu a shigo da abokiyar hamayya ta gaskiya, wato sabuwar taya mai araha. A ce ita 220,000 ce, tana yin kilomita 60,000, kuma gangar jikinta ba ta jure sabuntawa. Kilomita ta kama naira 3.67. Ta doke mai tsada idan ba a sabunta ta ba, amma ta sha kashi a hannun mai tsadar da aka sabunta bakwai cikin goma. Sai a sauya abu ɗaya: maimakon bakwai, uku kawai aka karɓa saboda direbobi na ɗaukar obalodi ba sa duba iska. Kashewa ta zama 4,600,000, tafiya kilomita 1,240,000, kilomita ta koma naira 3.71. Mai arahar ta wuce gaba. Ashe ribar ba a masana'anta ake samunta ba, a yawan tayoyin da suka isa can da rai ake samunta.

Wane ne sabuntawa ba za ta amfana ba?

Mai mota ɗaya da ke nesa da masana'anta, domin jigilar taya biyu da zaman jira za su cinye ragin, sai dai idan 'yan ƙungiya sun haɗa nasu sun tura tare. Mai tifar da ke shiga kwari da wurin fasa dutse, wanda tayoyinsa yankewa suke yi kafin su cinye. Mai ɗora tan 45 a inda aka ce 30. Lambar 156/150 da ke jikin taya na nufin kilo 4,000 idan ita kaɗai ce, kilo 3,350 kowace ɗaya idan an haɗa biyu, kuma sabon zane ba ya ƙara ko kilo ɗaya a kan haka. Sai masu ƙananan bas irin Hayis, waɗanda tayarsu ba ta da tsadar da za ta biya aikin.

Waɗanda ta fi yi wa rana su ne masu motoci da yawa masu girman taya iri ɗaya, masu bin hanya sananniya: bas-bas na cikin gari, tankokin mai, tirelolin siminti da na kayan masarufi. Bas ɗin cikin gari na cinye zane da wuri saboda tsayawa da tashi, alhali gangar jikin ba ta tsufa ba, don haka takan kai sabuntawa biyu ko fiye.

In kai tawa a sabunta, ko in sayi wadda aka riga aka yi?

Taka ta fi, domin ka san abin da ta ɗauka da inda ta bi. A rubuta lambar kowace taya kafin a tura, a duba idan sun dawo, kada a musanya maka da ta wani. Idan sayen za ka yi, ka nemi kalmar RETREAD a gefe, da sunan masana'antar da ranar sabuntawa. Waɗanda aka yi bisa ƙa'ida ta 109 ta hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya suna ɗauke da 109R kusa da harafin E a cikin da'ira. Ka duba layin da sabon zane ya haɗu da tsohuwar roba a kafaɗa: ya zama miƙaƙƙe, ba rami, ba inda farce zai shiga. Ka leƙa ciki ka ƙirga faci, kada biyu su hau kan juna.

A Najeriya akwai batun kwastam. Jerin kayan da aka hana shigowa da su ya ƙunshi tayoyin gwanjo da sabuntattu, in ban da tsofaffin tayoyin manyan motoci daga girman 11.00 x 20 zuwa sama da aka shigo da su don a sabunta a cikin gida. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙira a Legas a 2008, sababbin tayoyi daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala. Sabuntawa ma ba ta kuɓuta gaba ɗaya ba, tunda akan shigo da zanen da gam ɗin, sai dai abin da ake biya da dala ya ragu sosai.

Yankan zane fa, halal ne ko ha'inci?

Ya danganta da tayar. Wasu manyan tayoyi an ƙera su da ƙarin roba a ƙarƙashin zane, an rubuta REGROOVABLE a gefensu. Irin waɗannan ana iya zurfafa ramin da 'yan milimitoci idan zanen ya sauko zuwa milimita 2 zuwa 4, bisa zurfin da kamfanin ya ƙayyade, a bar aƙalla milimita 2 na roba a kan waya. Idan an yi shi daidai ba ya hana sabuntawa daga baya, har ma Michelin na tallata rayuwa huɗu ga tayar lori: sabuwa, yankan zane, sabuntawa, sai wani yankan.

Abin da ake yi a wasu tashoshi daban ne. Za ka ga yaro zaune a kan tayar da ta suɗe kamar tafin hannu, yana jan wuƙa yana fitar da zaren roba, ba ma'auni, har ka hango ƙyallin waya a ƙasan ramin. A goge, a shafa baƙi, a jingina ta a bakin titi. Wannan taya ruwan sama na farko zai shiga wayarta, kuma duk masana'antar da ta san aikinta, tana ɗora ta a kan injin bincike za ta ja mata alli.